Wasiƙar da ke raka jadawalin maƙaloli zuwa wurin Malam: inda ake tafka kuskure

Na gaji da ganin wasiƙa mai layi ɗaya: "Salam Malam, ga jadawalin nan, na gode." Ɗalibi ya wuni a laburare yana ɗaukar hoton shafukan mujallu da waya, ya dawo ya tsamo sunan marubuci da shekara da hanyar bincike da sakamako, ya zuba a jadawali, ya tura wa malamin da ke duba aikinsa, bai ce uffan ba kan yadda ya samo bayanan. Malam kuwa jadawali kawai yake gani. Bai ga hoton da ya yi dishi-dishi ba, bai ga layin da babban yatsanka ya rufe ba. Aikin wasiƙar ke nan, ta nuna masa inda jadawalin ke ɗingishi.

Kuskuren da na fi gani shi ne gurbin da aka bari wayam. A ce gurbin "yawan mutanen da aka bincika" ba komai. Malam zai ɗauka marubutan ne ba su faɗa ba, har ya ce ka sa wannan cikin raunin maƙalar. Alhali sun faɗa a shafi na 6, kai ne ka ɗauki na 5 ka tsallaka na 7. Ni alama biyu nake amfani da su: BF, wato na karanta maƙalar duka kuma ba su faɗa ba, da BG, wato ban ga shafin ba. Sai in fassara su a wasiƙar. Haka kuma in tsakure da kammalawa kaɗai ka samu, ka faɗa. Adadin da ke tsakure sau da yawa na waɗanda aka fara da su ne, na waɗanda aka yi lissafin ƙarshe da su yana can ciki, kuma yakan gaza haka.

Na biyu shi ne wanda ya taɓa ƙona ni, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na rubuta wa malamina cewa "na tabbatar da duk alƙaluman". Ban tabbatar da komai ba, kwafa na yi daga hoto. Ɗaya daga cikin maƙalolin tana cikin irin ƙaton kundin nan da ake ɗinke fitowar shekara guda wuri ɗaya, takardar tana lanƙwashewa wajen ɗinkin. Nan alamar ɗebewa ta maƙale. Marubutan sun rubuta r = -0.42, ni na kwafi 0.42. Ma'ana ta juye ke nan: su sun ce in ɗaya ya ƙaru ɗayan raguwa yake yi, ni na ce tare suke hawa. Malam ya yarda da maganata, muka gina sakin layi guda a kai. Ranar gabatar da aiki wani malami da ya san maƙalar ya ɗaga hannu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin haushin, da na karanta jimlar da ke ƙarƙashin teburin da na gane, don sun faɗi sakamakon da kalmomi.

Saboda haka kada ka kuskura ka rubuta "na tabbatar" sai ka gwada lambar tebur da bayanin marubutan. Kuma ku daina yanke ƙasan tebur in kuna ɗaukar hoto, don Allah! A can ake faɗin ko lambar da ke bayan ± SD ce, wato yadda alƙaluman suka warwatsu, ko SE, wato yadda matsakaicinsu zai iya kuskurewa. Da mutum 100, SE kashi ɗaya cikin goma ne na SD. Ka ga ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ga yadda nake rubuta tawa yanzu:

"Assalamu alaikum Malam. Ga jadawalin maƙaloli 14, duk daga hoton shafuka na ciro bayanan. 11 na karanta su cikakku, 3 (lamba 4, 9 da 12) tsakure da kammalawa kawai na samu. A lamba 7 hoton bai kama ƙasan teburin ba, don haka na sa alamar tambaya a gurbin. Zan koma laburare ranar Talata in cike. Ina neman shawararku: in bar ukun nan ko in cire su?"

Sauran ƙanana ne. Ka sa lambar shafin da aka buga a mujalla, ba ta jerin hotunan wayarka ba. Ka ɗauki shafin farko, galibi a nan sunan mujalla da kundi da shekara suke. In kalmomin marubuci ka kwafa, ka sa su cikin alamar zance, ka raba su da taƙaitawarka. Kada ka jibga wa Malam hotuna 80, na wuraren da kake shakka kaɗai za ka haɗa. Dogon ban haƙuri kan jinkiri kuma, layi ɗaya ya isa.