Darasi na Tara: Gonakin da Ba a Kai Mu Ba

Duk wanda ya taɓa sayen tumatir a kasuwar Daura ya san fuskar kwando. Manya jajaye suna sama, ƙanana da ruɓaɓɓu suna ƙasa. Mai hankali yakan sa hannu ya tona kafin ya biya. Hujja ma ana yi mata fuskar kwando. Bambancin shi ne, mai tumatir ya san abin da ya ɓoye, amma mai tsintar hujja sau da yawa bai sani ba. Zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci, sai idonsa ya riƙa ganin abin da ya dace da hukuncin, yana tsallake sauran. So hana ganin laifi, in ji Hausawa.

Mu ɗauki misali. A ce wata ƙungiyar manoma a wajen Sandamu ta sami sabon irin gero. Shugaban ƙungiya ne ya kawo shi, shi ya yi ta yabonsa tun bazara. Mutum 20 suka shuka sabon iri, mutum 20 suka zauna kan tsohon. Da kaka ta yi, shugaba ya zaga da jama'a gonaki shida. Duk shidan sun yi kyau, zangarniya kamar damtse. Kowa ya ce gani ya kori ji.

Sai magatakarda ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ka nasara, mutum 20 muka ba iri. Ina sauran 14?"

Alhaji ya ce, "Ai Malam, wasunsu ba su yi noma a kan kari ba, wasu kuma ƙuduji ya ci musu gona. Ba laifin iri ba ne."

Ku lura da amsar nan da kyau. Alhaji bai yi ƙarya ba, ya yarda da abin da ya faɗa. Amma gonar da ta yi kyau ya ce aikin iri ne, wadda ta lalace kuma ya nemo mata uzuri. Bai tambayi kansa ko gonaki shidan nan akwai wani abu da ya taimake su ba. In mai irin wannan lissafi ne alƙali, irinsa ba zai taɓa faɗuwa ba, ko da tsakuwa aka shuka.

Magatakarda ya buɗe littafi. Cikin 20 masu sabon iri, 12 sun sami amfani mai kyau, 8 ba su samu ba. Cikin 20 masu tsohon iri, 11 sun samu, 9 ba su samu ba. Bambancin mutum ɗaya ne tak, kuma wannan yana iya zama dace kawai. Da aka duba kuma, gonaki shidan da aka zaga duk na masu shanu ne, waɗanda suka kai takin gida tun rani. Mai yiwuwa taki aka yi ta yabo ana kiransa iri.

Kada ku ɗauka wannan ciwon manoma ne kawai. Masu digiri ma yana kama su. A 2008 wani likita mai suna Erick Turner da abokan aikinsa sun duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa, waɗanda aka yi wa rajista a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. Hukumar ta ga 38 ne suka nuna magani yana aiki, kuma 37 daga cikinsu an buga su a mujallun likitoci. Sauran 36 ba su nuna haka a fili ba. Daga cikinsu 22 ba a buga su ba sam, 11 kuma an rubuta su kamar sun yi nasara. Likitan da ya karanta mujallu kawai zai ga kusan duk gwaji ya ci, alhali kusan rabi ne. Shi ma gonaki masu kyau aka zaga da shi. Abin yana ci mini rai, domin da wannan karatu ake rubuta wa marar lafiya magani.

To yaya masu bincike suke tsare kansu? Ba sa dogara da cewa su mutanen kirki ne. Ɗaure hannunsu suke yi tun kafin su ga sakamako.

Babban ɗauri shi ne rubuta shiri tun ba a fara ba. A fannin magani, tun 2005 manyan mujallun likitoci suka ce ba za su buga gwajin da ba a yi masa rajista a bainar jama'a tun farko ba. In an yi rajistar gwaji sannan aka ji shiru, kowa zai iya tambaya ina ya shiga. Ƙungiyarmu za ta iya yin haka da littafi da biro. Kafin ruwan shuka, a rubuta sunayen gonaki duka. A rubuta abin da za a auna: tiya nawa ta tsabar gero bayan sussuka, ba dami ba, domin damin wani ya fi na wani girma. A rubuta dalilin da zai sa a cire gona daga lissafi, misali in dabbobi suka cinye ta baki ɗaya. Sannan a rubuta layin da ya fi wuya: "In sabon iri bai fi tsohon da tiya kaza ba, mun yarda bai fi shi ba." Kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Wanda ya kasa faɗin abin da zai sa ya canza ra'ayi, bai shirya gwaji ba tukuna.

Sai ƙuri'a. A raba kowace gona gida biyu daidai, a yi musu taki ɗaya, noma ɗaya, shuka rana ɗaya. A rubuta "sabo" da "tsoho" a takardu biyu, a nannaɗe, yaro ya ɗauka. Abin da ya fito shi za a shuka a gabas. In aka bar manomi ya zaɓa, zai ba irin da yake so ɓangaren da ya fi albarka, ko bai yi niyya ba.

Wajen awo kuma, a sa wa buhuna lamba maimakon suna, a ba wanda bai san wane buhu ne na wane iri ba ya auna. Wanda ya sani yakan tula tiya a nan, ya shafe ta a can.

Duk da haka, damina ɗaya ba ta isa hukunci ba. Irin da ya yi kyau a shekarar ruwa yana iya kasawa in ruwa ya ɗauke da wuri. Sai a maimaita baɗi, a ajiye littafin bara ko da abin da ke ciki bai yi wa Alhaji daɗi ba.

Aikin aji

1. A misalinmu, gonaki nawa na sabon iri ne ba a kai jama'a ba?

2. Wani ya ce maganin tarinsa ya warkar da mutum goma a unguwarku. Rubuta tambayoyi biyu da za ka yi masa: ɗaya kan waɗanda suka sha ba su warke ba, ɗaya kan waɗanda suka warke ba su sha ba.

3. Ku zauna uku-uku. Ku zaɓi abu ɗaya da kuka yarda da shi game da noma, kiwo ko sana'a. Ku rubuta a layi ɗaya abin da in kuka gani za ku ce kun yi kuskure, ku kawo mako mai zuwa.