Darasi: Yadda ake karanta hanya a taswirar waya, kala da minti da zaɓin wata hanya

A wannan darasin za mu tsaya ne a kan sikirin ɗaya kawai, wanda yake fitowa bayan ka rubuta sunan inda za ka a Google Maps ka danna Directions. Sauran manhajojin taswira ma kusan haka suke, ɗan bambanci ne kawai. Kowa ya ciro wayarsa ya kunna data da lokeshan, wanda ba shi da data ya matsa kusa da na gefensa su duba tare.

Kafin komai ka duba saman sikirin, akwai ƙananan hotuna a jere, mota, mutum mai tafiya a ƙasa, bas ko jirgin ƙasa, a wasu ƙasashen har da babur. Ka tabbata wanda aka zaɓa shi ne abin da za ka hau, domin hanyar da mota za ta yi a minti 20 mai tafiya a ƙasa sai ya kwashe awa biyu ko fiye, mutane da yawa nan suke rikicewa su ce wayar ta yi ƙarya alhali kan hoton ɗan tafiyar ƙasa take.

Toh yanzu kalli taswirar kanta. Za ka ga layi mai kauri shuɗi ya taso daga inda kake har zuwa jar alamar da ke nuna inda za ka, wannan ita ce hanyar da manhajar ta zaɓa maka. A jikin shuɗin nan ne kala take canzawa. Inda ya zauna shuɗi ba a ga cunkoso ba. Inda ya koma ruwan goro motoci suna tafiya amma a hankali, inda ya zama ja akwai gosulo, in kuma jan ya yi duhu sosai kamar zai koma baƙi to motoci kusan a tsaye suke. Kore za ka fi ganinsa a sauran tituna in an kunna Traffic, wato zaɓin da ke nuna cunkoson tituna a taswirar, shi koren ma'anarsa titi a buɗe yake.

Tsawon jan shi ne abin dubawa, ba ganin ja kawai ba. Ɗan guntun ja a bakin mahaɗa ko shataletale yawanci motoci ne suka tsaya jiran danja ta ba su hannu, wannan ba abin canza hanya ba ne. Amma in ka ga ja ya miƙe ya cinye kashi ɗaya cikin uku na hanyar, sa yatsu biyu ka buɗe wajen ka gani da kyau, wani lokacin za ka ga alamar hatsari ko ta aikin titi a kai.

Daga ina waya ta san haka? Daga wayoyin mutanen da ke kan titin ne a lokacin, masu lokeshan a kunne. In wayoyi da yawa suna matsawa a hankali a waje ɗaya sai manhajar ta gane akwai cunkoso, kuma tana haɗawa da yadda titin ya saba kasancewa a irin wannan rana da irin wannan lokaci. Wannan ya sa nake so ku riƙe abu ɗaya, ƙaramin layi da ba kowa ke bi ba zai iya fitowa ba ja ba ruwan goro, ba don yana da kyau ba, sai don babu isassun wayoyin da za su ba da labarinsa. Ramuka, ruwa ya kwanta, duhu ko rashin tsaro, kala ba ta faɗin waɗannan.

Sai rubutun ƙasa. Za ka ga lamba babba da min a gabanta, wato minti, kusa da ita wata lamba da km, wato kilomita. In an rubuta 24 min (11 km) ana nufin tafiyar minti 24 ce, nisan kuma kilomita 11. In ka ga 1 hr 5 min, awa ɗaya ne da minti 5, ba minti 15 ba ne kuma ba 105 ba. A kula da m shi kaɗai, wannan mita ce, 500 m rabin kilomita kenan, ba ruwansa da lokaci.

Ga inda na fi so ku natsu. Mintin da aka rubuta an riga an lissafa gosulon a cikinsa. Kar ka ga ja ka ce bari in ƙara minti goma a kai saboda jan, kuma kar ka guje wa hanya don kawai tana da ja ba ka kwatanta mintinta da na sauran ba.

Mu ɗauki misali. Ƙarfe 8:20 na safe ne, kana so ka isa kafin 9:00. Hanyar shuɗi ta nuna 24 min, 11 km, da ja ɗan dogo a tsakiya. A gefenta akwai wasu layuka biyu masu toka-toka ko shuɗi mai haske, ya danganta da wayar, su ne sauran hanyoyin da za ka iya bi, kowacce da ɗan akwatin minti a kanta. Ɗaya 27 min, ɗaya 31 min. Ka taɓa ta 27 da yatsa, nan take za ta koma shuɗi mai kauri rubutun ƙasa ya canza, sai ka ga 14 km ba ja ko kaɗan. Ka taɓa ta 31 ka ga 9 km, ruwan goro kusan duk jikinta.

Ka ga ta ukun ita ce mafi kusa amma ita ce mafi cin lokaci, don haka ta fita. Saura biyu. Ta farko 8:20 a ƙara 24 za ka isa 8:44, ta biyu 8:47, duka biyun kafin tara. Bambancin minti 3 ne kacal, kuma a ganina a nan ta 27 ta fi kwanciyar hankali in babban titi ne da ka sani, saboda jan da ke kan ta farko labarin yanzu ne, kai kuwa sai nan da minti goma za ka kai wajen, kafin nan zai iya warwarewa zai kuma iya ƙaruwa musamman da safe da kowa ke fitowa. Kuɗinta dai ƙarin kilomita 3 na mai. Da bambancin minti 15 ne, ko kuma hanyar ta ratsa lungunan da ba ka sani ba, da sai in ce ka bi shuɗin duk da jansa. Ka duba kuma ko an rubuta Tolls a kan hanyar, wato akwai wajen biyan kuɗin titi.

In ka gama zaɓa ka danna Start. Yanzu a ƙasa za ka ga lambobi uku, mintin da ya rage, nisan da ya rage, da lokacin isa irin 8:47 mai ɗigo biyu a tsakiya, wannan agogo ne ba minti ba. Yana canzawa kana tafiya, in ya tashi daga 8:47 ya koma 8:58 to gaba ta cushe, kuma wayar za ta iya kawo maka wata hanya ta ce ta fi sauri. Direba kar ya tsaya karanta wannan yana tuƙi don Allah, na gefensa ya duba masa ko ya faka tukuna. In netwok ya ɗauke kuwa, wayar za ta iya ci gaba da nuna hanya amma labarin cunkoso ya daina shigowa, don haka ko ba ka ga ja ba kar ka ɗauka titi a buɗe yake.

Aikin yi: kowa ya nemo waje ɗaya da ya saba zuwa, ya rubuta a littafinsa minti da kilomita na kowace hanya da ta fito, da kalar da ya gani a jikinta, sannan ya lissafa ƙarfe nawa zai isa in ya tashi yanzu. Ka sake duba wajen nan da yamma lokacin tashi daga aiki ka rubuta sababbin lambobin a ƙarƙashin na farko, ka zo da su aji na gaba.