Yadda ake karanta takardar kwastan a fitar da ainihin kuɗin da kaya suka tsaya maka

Abin da na fi gani wajen sabbin masu shigo da kaya shi ne, ejan zai turo musu jimillar kuɗi ɗaya a waya, ya ce ga abin da aka biya kwastan, su kuma su haɗa da kuɗin kaya da na mota su raba da yawan kwalaye, shikenan wai sun san farashi. Idan kaya iri ɗaya ne a kwantenar ana iya tsira da haka, amma da zarar iri biyu ne ko uku, lissafin ya karkace kuma ba za ka gane ba sai ka ga wani kaya ya ƙi tafiya a kasuwa wani kuma yana ƙarewa da sauri babu riba.

Ka fara da karɓar takardun kansu. Ka ce wa ejan ya ba ka SGD, wato fom ɗin da ake bayyana wa kwastan kaya a kai, cikakkiya duk shafukanta, da PAAR, wato rahoton ƙimar kaya da kwastan ke fitarwa kafin kaya su iso, da takardar lissafin haraji, da rasit ɗin banki. Ni a wajena ejan da ke jan ƙafa kan waɗannan ba a sake ba shi aiki. A gefe ka ajiye naka, wato takardar ciniki ta mai sayar maka, da jerin kaya mai nuna nauyi, da Bill of Lading, takardar da kamfanin jirgi ke bayarwa idan ya karɓi kaya. Fom ɗin SGD gida-gida ne, kowane gida da lambarsa, tsarin da ƙasashe da yawa ke amfani da shi, har 'yan'uwanmu na Nijar masu manhajar kwastan ta SYDONIA za su gane shi. Tunda kwastan na Najeriya suka koma manhajar B'Odogwu kamannin takarda kan ɗan bambanta, saboda haka ka riƙa duba sunan gidan tare da lambarsa.

Mu ƙaddara ɗan kasuwa a Kano ya ɗauko kwantena ɗaya daga China ta Apapa. A ciki akwai fankar tebur guda 1,000 a kan dala 12 kowace, dala 12,000 kenan, sai keken ɗinki na masana'anta guda 50 a kan dala 160, dala 8,000. Kuɗin jirgi dala 3,000, inshora naira 300,000. Duk alƙaluman nan misali ne na kafa don lissafi ya fito, kar wani ya ɗauke su farashin kasuwa.

Kowane irin kaya yana da layinsa a takardar, kuma a littafinka ko a Excel haka za ka yi, layi ɗaya ga fanka layi ɗaya ga keke. Gida na 31 shi ne bayanin kaya da yawan kwalaye, gida na 33 kuma shi ne HS Code, wato lambar da kwastan ke gane irin kaya da ita. Lambobi goma ne, shida na farko duk duniya iri ɗaya ne, sauran na jadawalin harajin ECOWAS ne da na ƙasa. Fankar tebur tana farawa da 8414.51, keken ɗinki yana ƙarƙashin 8452, amma na gida 8452.10 ne, na masana'anta lambarsa daban. Ka kwafi goman duka, don lambar ce ke jawo kason haraji, kuma matakan biyar ne: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Ka karanta gida na 31 ka dubi na 33, su yi magana ɗaya. Idan ka ga fanka cikakkiya an rubuta ta a matsayin kayan gyara don haraji ya sauka, kar ka yi murna, ranar duba kaya ko a hanya za a iya rubuto maka cikon kuɗi, ga kuɗin kwanan kwantena yana hawa, kuma sunanka ne a takardar ba na ejan ba.

To yanzu wajen da mutane suka fi faɗuwa, ƙimar kaya. A takardar kuɗi iri biyu ne suke kama da juna, mutane su ɗauka abu ɗaya ne. Gida na 22 yana nuna irin kuɗin da jimillar ciniki, gida na 42 farashin kowane layi, gida na 23 kuma canjin da kwastan suka yi amfani da shi, sai gida na 46 ƙimar layin a naira bayan an ɗora kuɗin jirgi da inshora, wato CIF. Wannan ƙimar ta gida na 46 aikinta ɗaya ne, a kanta ake lissafa haraji. Ba ita ce kuɗin da ya fita daga aljihunka ba. Dalili biyu ne. Na farko canji: a misalinmu kwastan sun lissafa dala a 1,500 shi kuma ɗan kasuwa a 1,560 ya samu tasa. Fanka ta dala 12,000 a idon kwastan naira 18,000,000 ce, a aljihunsa kuwa 18,720,000, wanda ya kwafi ta takarda ya ɓatar da 720,000 tun kafin ya fara. Na biyu, kwastan suna iya ganin farashin da ka bayyana ya yi ƙasa su ɗaga shi a PAAR, ka sayi abu dala 12 su ce 14 ne. Harajinka zai ƙaru da gaske, wannan ƙarin kuwa dole ya shiga lissafi, amma kuɗin sayen kaya yana nan a 12, ba ka biya ɗan China 14 ba. Na ga wanda ya sa ƙimar da aka ɗaga a matsayin kuɗin kaya, ya tsuga farashi, maƙwabtansa suka sayar suka bar shi da kaya.

Don haka shafi biyu nake so ka ware kuma kar su taɓa haɗuwa. Ɗaya ƙimar kwastan, don ka duba ko haraji ya fita daidai. Ɗaya kuɗin da ka biya, wanda za ka ɗauko daga takardar banki ko ta ɗan canji. Na biyun ne kaɗai ke shiga jimillar ƙarshe. Ka leƙa gida na 20 ma, idan ya ce FOB to kuɗin jirgi daban ka biya, idan CFR ne yana cikin farashin tuni, kar ka ƙara shi sau biyu.

Haraji yana gida na 47, kowane layi da nasa. A misalinmu an raba kuɗin jirgi da inshora bisa ƙima, fanka ta ɗauki kashi 60, CIF ɗinta ya zama naira 20,880,000, na keke 13,920,000. Mu ce takarda ta nuna fanka kashi 20, keke kashi 5. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne:

```
Duty      = CIF x kaso
Surcharge = Duty x 7%
CISS      = FOB x 1%
ETLS      = CIF x 0.5%
VAT       = (CIF + Duty + Surcharge + CISS + ETLS) x 7.5%
```

Duty shi ne haraji zalla, FOB kuɗin kaya kafin a ɗora jirgi da inshora, Surcharge da CISS da ETLS kuma ƙananan kuɗaɗe ne da ake ƙarawa. A 2025 an taɓa waɗannan ƙananan, aka shigo da kashi 4 na FOB, to abin da aka buga a takardarka shi za ka kwafa, wannan tsarin don ka gane yadda suke hawa kan juna ne. Idan ka bi shi, harajin fanka zalla 4,176,000 ne, da sauran duka ya kai 6,675,174. Na keke 696,000, da sauran ya kai 2,048,394. Jimilla 8,723,568, wannan ce lambar da ejan zai turo maka a waya, kuma ya kamata ta yi daidai da rasit ɗin banki har kwabo.

Duba abin da zai faru da a ce ka raba wannan jimillar 60 da 40 kamar yadda mutane ke yi. Keke zai ɗauki kusan 3,490,000 maimakon 2,048,394, ka ɗora wa kowane keke kusan naira 28,800 da ba nasa ba, kowace fanka kuma ka rage mata kusan 1,440. Kekenka ya fi na kowa tsada, fankarka tana tafiya kamar ruwa kana cewa kasuwa ta buɗe alhali ribarka ce kake rabarwa. Haraji ba a raba shi, an riga an raba maka a takarda, kwafa kawai za ka yi layi-layi. VAT ka ba shi shafinsa daban, idan kamfaninka yana da rajistarsa akanta zai buƙaci ganinsa shi kaɗai.

Nauyi kuma gida na 35 ne da na 38. Na 35 da kwali da komai, na 38 kayan zalla. Na 35 shi ne namu, don jirgi da tirela har kwalin suke ɗauka. Ka haɗa na duk layuka ka gwada da Bill of Lading, idan tazara ta yi yawa to an manta wani layi ko an yi kuskuren bugawa, a gyara tun kaya suna tasha. A misalinmu fanka kilo 4,000, keke 2,000, fanka ta ɗauki kashi biyu cikin uku na kuɗin jirgi da na mota. Ni da nauyi nake raba su ko da kwastan sun raba da ƙima. In kayan marasa nauyi ne masu cin wuri sosai kamar robobi, to da girman wurin da suka ci ya fi adalci, amma wannan a jerin kaya za ka same shi, babu shi a SGD.

Asalin kaya gida na 34 ne, haruffa biyu, CN na China, kar ka ruɗa shi da gida na 15 wanda ke nuna inda aka ɗauko. Kayan China da ka saya a Dubai, na 15 zai ce AE na 34 ya ce CN. Haka wanda aka sauke a Kwatano ko Lome bai zama kayan ECOWAS ba, rangwamen haraji na tsarin ETLS na ECOWAS na abin da aka ƙera a yankin ne, mai rajista da takardar shaidar asali. Ka rubuta asalin a layinka, zai yi maka amfani ranar da za ka gwada farashin masu sayarwa biyu.

Saura abin da ba ya cikin takardar kwastan: kuɗin tasha, na kamfanin jirgi, ladan ejan, motar Legas zuwa Kano, 'yan dako. Mu ce sun tashi 4,500,000, fanka ta ɗauki 3,000,000. Kuɗin ajiya na kwantena da za a dawo maka da shi kar ka sa shi, sai abin da aka zaftare. Layin fanka kenan: kaya 18,720,000, jirgi dala 2,000 a 1,560 ya ba da 3,120,000, inshora 180,000, haraji 6,675,174, tasha da mota da sauransu 3,000,000. Jimilla 31,695,174, kowace fanka ta tsaya 31,695 a shago. Ka raba da adadin da ka ƙirga lafiyayyu bayan an sauke, in goma sun fashe da 990 za ka raba. Keke ma haka za ka bi shi, sannan ka rubuta lambar SGD da kwanan wata a saman shafin ka manna takardun a baya.