Darasi na 9: Sanarwa ga ƴan jarida idan an koka da kayanku

A ɗauka kuna da ƙaramin kamfanin ruwan leda a Damagaram. Ana tsakiyar zafin Afrilu, sai wata mata ta ɗauki hoton ledarku, ga datti kwance a ƙasan ruwan, ta haɗa da saƙon murya a WhatsApp. Kafin la'asar magana ta kai kasuwar Dole, masu shaguna sun fara dawo da kaya.

Kada ku yi saurin cewa sharrin maƙiya ne. Idan gobe aka sake ganin wata ledar haka, ba mai ƙara yarda da bakinku. Ku fara zuwa wurin matar, ku ba ta haƙuri, ku karɓi ledar ku duba ranar da aka buga a jikinta. Daga nan ku buɗe littafin aiki: ƙunshi nawa aka yi ran nan, ina aka kai su, yaushe aka canza matatar inji? Ku ɗaga ledojin ranar a hasken rana. Idan dattin na cikin ledoji da yawa, matsalar daga wurinku take, matatar inji ce ko tanki. Ku tsayar da sayarwa, ku kai samfuri a gwada.

Yanzu sai rubutu. Shafi ɗaya ya isa, kuma labarin ya zo a jimlar farko, don mai karantawa a rediyo yakan yanke ƙarshe idan lokaci ya ƙure. Ga misali:

"Zinder, 14 ga Afrilu. Kamfaninmu na janye ruwan ledar da aka yi ranar 11 ga Afrilu, ƙunshi 300, wanda aka kai Birni da Zango. Mun gano matatar injinmu ta lalace, mun canza ta, mun wanke tanki. Duk mai wannan ruwa kada ya sha, ya maido inda ya saya a ba shi kuɗinsa. Muna ba jama'a haƙuri. Za mu sanar da sakamakon gwaji ranar Litinin."

A ƙasa shugaban kamfani ya sa sunansa da lambar waya da hatimi. Sunan matar bai shiga ba, kuma haka ya kamata, domin taimakonku ta yi. Ku yi sanarwar da Hausa da Faransanci, ku kai gidajen rediyo irin su Anfani, sannan ku karanta ta da murya a WhatsApp, inda maganar ta faro.

Mutum ɗaya ne zai riƙa amsa wa ƴan jarida. Direba da mai gadi su ba da lambarsa kawai. Ranar Litinin kuma ku fito da sakamakon, ko bai yi muku daɗi ba.

Aikin gida: an dawo da man gyaɗarku yana warin daɗewa. Rubuta jimlar farko ta sanarwa, da ranar da aka tatse shi da yawan litocin da za ku janye.