Azurfarki ba tukunya ba ce, ki daina dirzarta da toka

Duk damina sai na ga abu ɗaya a Maradi: munduwa ta yi baƙi, mai ita ta ɗebo toka ko man goge haƙori ta hau dirza. Haba ƴar'uwa! Azurfa ƙarfe ne mai taushi, ko wadda aka buga wa 925 jan ƙarfe kaɗan aka haɗa mata don ta yi ƙwari. Baƙin nan ba datti ba ne, farar wuta ce da ke cikin iska da zufa take kama fuskar azurfar. In kin dirza, azurfar kike kankarewa. Za ta yi haske yau, amma ki duba ta a rana, za ki ga ƙananan zane ko'ina. In kuwa ruwan azurfa aka yi wa sarƙar, ja ko rawaya zai leƙo daga ƙasa, kuma sai dai maƙeri.

Ni ga yadda nake yi. Ina shimfiɗa takardar alminiyom a kwanon tangaran, in zuba ruwan zafi kofi ɗaya da bikarbonat babban cokali ɗaya, in sa sarƙar ta taɓa takardar. Dole ta taɓa, in ba haka ba aikin banza ne. Bayan minti 2 zuwa 5 za ki ji ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai, baƙin ne ke komawa jikin takardar. Sai in ɗauraye, in tsane da ƙyalle mai laushi har ta bushe sarai.

Amma ki ji ni da kyau: kada ki tsoma aikin Buzaye mai zane a wannan ruwa. Da gangan maƙeri ya bar baƙi a cikin zanen don ya fito. Na taɓa tsoma awarwaron da na gada wajen inna, ya fito fari fat, zanen da kyar ake ganinsa, har yau abin yana ci mini rai. Irin wannan, da mai dutse ko baƙin itace da aka manna, ruwan ɗumi da ɗan sabulu ya ishe su, sai a goge saman kawai.

Jabel kuwa ko kusa, nan take yake ɓata azurfa. Turare da man shafawa su bushe kafin ki saka sarƙa, ki cire zobe in za ki yanka albasa.

Wajen ajiya ake yawan jawo baƙin tun farko. Robar ɗaure kuɗi akwai farar wuta a cikinta, layi baƙi take bari daidai inda ta kwanta. Kowane abu da ƴar ledarsa mai zif nake sa shi, a bushe, in matse iskar, in jefa ƙullin nan mai tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. A watan Agusta nakan canza ƙullin, don laima tana cika shi da wuri.