Yadda ake gano aikin da yake cinye kuɗin ɗawainiya a ƙaramar maɗaba'a

Duk mai ƙaramar maɗaba'a a Zariya, ko a Sabon Gari yake ko Tudun Wada ko can Samaru, ya san kuɗin takarda da tawada da fileti na kowane aiki, wannan kam ba sai an koya masa ba. Inda ake rikicewa shi ne kuɗin ɗawainiyar shago, wato haya, albashi, dizal, kuɗin wuta, gyaran inji, waɗanda ba ka iya nuna su da yatsa ka ce na aikin wane ne. Yawancinmu rabawa kawai muke yi bisa awannin da inji ya yi yana gudu, ko mu ɗora wani kaso a kan kuɗin takarda shi ke nan, kuma a nan ne katin biki yake ɓuya a bayan littafin makaranta yana cin abincinsa ba a sani ba.

Akwai wata hanyar lissafi da akantoci ke ce wa ABC, Robin Cooper da Robert Kaplan na jami'ar Harvard ne suka yaɗa ta wajen 1988. Abin da take cewa shi ne, ayyukan da ake yi a shago su ne ke cin kuɗi, su kuma kayan da ake bugawa su ne ke jawo ayyukan, to sai ka bi sawun nan. Zan yi misali da shago mai injin Kod guda ɗaya, irin mai buga kala ɗaya a lokaci guda, da kwamfuta ta tsara zane. Alƙaluman na misali ne fa, kai naka za ka saka.

Abu na farko, tara ɗawainiyar wata guda

Ka cire takarda da tawada da fileti, da kuɗin masu ɗinkin littafi idan a waje kake kai musu suna caji bisa ƙirga, duk waɗannan kai tsaye ake ɗora su a kan aikin da ya ci su. Abin da ya rage shi muke nema. A ce haya idan ka raba ta shekara gida 12 ta kama naira 150,000, albashi 500,000, dizal da wuta 350,000, gyara da tsufan inji 200,000. Jimilla 1,200,000 a wata.

Abu biyu ake yawan mantawa a nan. Tsufan inji, don ba a fitar da shi daga aljihu duk wata, sai ran da aka tashi sauya rola ko bargon inji a ji a jika. Sai kuma albashin shi oga, in kai ne kake zama da kwastoma kake bin bashi to ka yanka wa kanka albashi ka saka a ciki, in ba haka ba lissafin zai nuna maka lokacinka kyauta ne. Kuma kar ka ɗauki wata ɗaya tak, watan Satumba da makarantu ke dawowa ba ɗaya yake da lokacin da bukukuwa ke yawa gab da azumi ko bayan Sallah ba, balle shekarar zaɓe da fosta ke cika shago. Ɗauki wata uku ko shida ka fitar da matsakaici.

Na biyu, raba kuɗin bisa abin da ake yi a shagon

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane ke gajiya. Kar ka tsaya lissafa ayyuka ashirin, huɗu sun ishe ka: gudun inji, saita inji, tsara zane da gyare-gyarensa, sai hidimar oda (karɓar aiki, kiran waya, kai kaya, bin cikon kuɗi).

Saita inji shi nake so ka fi sa wa ido. Duk lokacin da za a sauya aiki ko a sauya kala sai an cire fileti, an wanke rola da bargo, an ɗaura sabon fileti, an zuba wata tawadar, an yi ta gwaji har kala ta zauna a kan 'yar uwarta, kuma duk wannan lokacin janareta na ci, ofareta na kan albashi, amma ko takarda ɗaya ta sayarwa ba ta fito ba. Kati 300 ne ko kwafi 30,000, wahalar saitin ɗaya ce.

Yadda za ka raba kuwa, ka ajiye littafi kusa da inji na sati biyu, a riƙa rubuta lokacin da aka fara saiti, lokacin da inji ya fara gudu, da lokacin da ya tsaya. Kar ka dogara da tambayar ofareta da baki, ba wai ƙarya zai yi maka ba, amma ba wanda yake tuna awannin da ya yi yana jira, kowa zai ce maka ai duk yini aiki yake. In littafin ya nuna kashi 40 cikin 100 na lokacinsa a saiti yake tafiya, to kashi 40 na albashinsa ya shiga tukunyar saiti. Haka za ka yi wa dizal bisa awanni, haya bisa filin da kowane sashe ya cinye a shagon, albashin mai zane kuwa gaba ɗaya tukunyar zane zai shiga. Ba sai ya zama daidai har kwabo ba, ya dai yi kusa.

A misalinmu a ce ya fito haka: gudun inji 480,000, saiti 300,000, zane 240,000, hidimar oda 180,000. Ka haɗa su, dole su koma 1,200,000, in ba su koma ba akwai abin da ka tsallake ko ka ƙirga sau biyu.

Na uku, nemo farashin kowane aiki guda

Kowace tukunya da abin da ke sa ta ƙaruwa, da shi za ka raba ta. Inji ya yi gudun awa 120 a wata, kenan kowace awa 4,000. An yi saiti sau 150, kowane 2,000. Mai zane ya yi awa 120, kowace 2,000. Oda 60 aka karɓa, kowace 3,000. Waɗannan lambobi huɗu ka rubuta su ka liƙa a bango, da su za ka riƙa ba da farashi.

Na huɗu, duba wa ya ci me

A ce shagon iri biyu yake bugawa, littattafan rubutu na makarantu masu sunan makaranta a bango, da katunan biki da na walima. Littattafai oda 10 ne kawai a wata amma su suka ci awa 100 na gudun inji, saiti 30, zane awa 20 tunda bangon bara ake ɗan taɓawa. Katuna oda 50, gudun inji awa 20 kacal, saiti 120 saboda kowace kala saitinta daban, zane awa 100.

Wanda ya taɓa zama da dangin amarya ba zai yi mamakin awa 100 ɗin nan ba. An gama tsarawa an tura ta waya, sai a ce an manta sunan kawu, a gyara, sai a ce an ɗaga ranar kamu, a sake gyarawa, sai gwaggo ta ce ita launin bai yi mata ba, aikin da inji zai gama cikin mintuna ya cinye wa mai zane awa biyu.

A tsohon lissafi, 1,200,000 a raba da awa 120 ya ba da 10,000 duk awa, littattafai su ɗauki 1,000,000, katuna 200,000, wato 4,000 kowace odar kati. Yanzu ga sabon. Littattafai: gudu 400,000, saiti 60,000, zane 40,000, oda 30,000, jimilla 530,000. Katuna: gudu 80,000, saiti 240,000, zane 200,000, oda 150,000, jimilla 670,000, in ka raba da 50 kowace oda ta ci 13,400.

To ɗauki odar kati ɗaya da kake karɓar 25,000, kayan aikinta 14,000. Da kana ganin ribar 7,000 ce, ashe faɗuwar 2,400 ce. Su kuma littattafai da kake ɗora wa kowace oda 100,000 na ɗawainiya, 53,000 take ci. Alamar wannan ciwon tun kafin ka yi lissafi ma tana nan: manyan ayyuka kullum wani na karya maka farashi ya tafi da su, ƙananan kuma sai tururuwa suke yi wajenka har wasu shagunan na turo maka nasu, shago cike da mutane amma ƙarshen wata aljihu wayam.

Na biyar, kar ka yi saurin korar katuna

Wannan kuskuren shi na fi tsoro. Mutum ya ga faɗuwar 2,400 sai ya ce daga yau ya daina kati. Amma kowace oda bayan an cire kayan aiki tana barin 11,000, sau 50 kenan 550,000 a wata, in ka daina wannan kuɗin ya tafi, mai gida kuwa ba zai rage maka haya ba, ofareta ma albashinsa na nan. Daga cikin 670,000 ɗin nan abin da zai ragu da gaske shi ne dizal na lokacin saiti da na gudun inji, da albashin mai zane in har sallamarsa za ka yi. Sai dai fa in kana da babban aiki a hannu da zai cike awannin, to a nan magana ta canza.

Abin da ya fi shi ne ka taɓa abubuwan da ke jawo kuɗin. Ka tara katuna masu kala iri ɗaya a fileti guda ka buga su tare sannan a yanka, in saiti ya sauka daga 120 zuwa 60 ka samu awanni masu yawa da za ka sayar wa wani aikin. Ka yi samfuran zane kamar goma kwastoma ya zaɓa. Gyara biyu kyauta, na uku da kuɗi, kuma ka faɗa tun ranar karɓar aiki ba sai an zo ɗauka a yi ta ja-in-ja ba. Farashi kuma ka raba shi biyu, kuɗin fara aiki wanda ba ya canzawa, da kuɗin kowane kwafi, sai mai kati 100 ya biya wahalar saitinsa da kansa. Odar da ta yi ƙanƙanta sosai kuwa gara ka kai ta injin dijital da ba ya buƙatar fileti.

Saura abu ɗaya, watan da kasuwa ta yi sanyi. In inji ya yi awa 60 maimakon 120, rabawa za ta nuna maka awa ta kusa ninka kuɗi, ka ƙara farashi, sauran kwastomomin ma su gudu. Shi ya sa Kaplan da Steven Anderson a 2004 suka ba da shawarar a raba da awannin da za a iya aiki a zahiri, kamar kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na cikakken lokacin aiki. Kai ma haka za ka yi, kuɗin awannin da inji ya zauna ba aiki ka rubuta shi a layinsa daban da sunan zaman banza, kar ka ɗora shi a kan kati ko littafi. Littafin nan na gefen inji kuma ka sake ajiye shi na wani sati biyun duk bayan wata shida, ko duk sanda kuɗin dizal ya yi tsalle.