Darasi na 7: Ƙarfe nawa za mu isa?

In ka tambayi ɗan kamasho a tashar Unguwa Uku yaushe motar Abuja za ta isa, cewa zai yi "Alhaji awa biyar kun sauka." Ba wai ƙarya ya shara maka ba, lokacin da taya ke juyawa kawai ya lissafa, shi ma ya ɗan rage. Mu yi namu lissafin, kowa ya ɗauko biro.

Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna wajen kilomita 420 ne. Bas mai cike da fasinja da kaya a sama, ga ramuka ga tireloli, mu ba ta kilomita 70 a awa. 420 a raba da 70, awa 6 ke nan. Wannan zallar tafiya ce.

Kuma fa ba daga lokacin da ka zo tasha ake fara ƙirga ba, daga lokacin da mota ta cika ta tashi ne. Ka zo ƙarfe 7, ba a gama lodi ba sai 8:30, to 8:30 za ka rubuta. A ƙara awa 6, ya kama 2:30 na rana.

Yanzu tsaye-tsaye. Shan mai minti 15, don direba sai ya ɗebi mutane yake tuna gidan mai. Kama ruwa wajen Zariya minti 10. Cunkoson Kaduna 30, shingayen jami'an tsaro gaba ɗaya 20.

Babbar tsayawa ita ce ta abinci da salla, a nan mutane suke cutar kansu a lissafi. Direba zai ce minti ashirin, amma mutum goma sha takwas ne za su bi layin banɗaki, buta ba ta wuce uku ba, ga mai goyo sai ta gyara yaro, ga wani ya tafi sayen tsire sai an yi ta danna masa hon. Rubuta 45. Yadda muka tashi, wajen 1:30 za a tsaya bayan an wuce Kaduna, Azahar ta yi, matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, raka'a biyu, kuma da yawa suna haɗa ta da La'asar a nan, shi ya sa ban sa tsayawa ta biyu ba. In ba ka haɗawa ka gaya wa direba da wuri, ka ƙara minti 15.

15, 10, 30, 20 da 45 sun ba da minti 120, awa 2 cif. Saukarka 4:30 na yamma. Mai zuwa tarbarka ka ce masa ƙarfe biyar.

Aiki: motar ba ta tashi ba sai 11:00. Ƙarfe nawa za ku isa, kuma Magariba a hanya za ta same ku ko kun sauka?